Dokar ta-ɓaci tana da iyaka: abin da shari'ar Belmarsh ta nuna

A ranar 19 ga Disamba 2001, wata uku da 'yan kwanaki bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, jami'an Birtaniya sun kama wasu mutum takwas, dukkansu baƙi ne da ke zaune a ƙasar. Ba a tuhume su da laifi ba, ba a kuma sa ranar gurfanar da su gaban alƙali ba. Sakataren harkokin cikin gida na lokacin, David Blunkett, shi ne ya sa hannu a takardar da ta ce yana zargin kowannensu da alaƙa da ta'addancin ƙasa da ƙasa, kuma wannan takarda kaɗai ta isa a kulle mutum ba tare da an faɗa masa ranar fita ba. Daga baya adadin waɗanda aka tsare ta wannan hanya ya kai goma sha shida, akasarinsu 'yan Afirka ta Arewa. An ajiye mafi yawansu a Belmarsh, wani kurkuku mai tsananin tsaro a kudu maso gabashin Landan.

Birtaniya tana cikin ƙasashen da suka rubuta Yarjejeniyar Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam a 1950, kuma sashe na 5 na yarjejeniyar ya haramta irin wannan tsarewa. Gwamnati ta san da haka, ba ta ma yi musu ba. Abin da ta yi shi ne ta rubuta wa Majalisar Turai cewa ƙasar tana cikin halin ta-ɓaci, don haka ta jingine aiki da wani ɓangare na sashe na 5. Ta aika irin wannan sanarwa ga Majalisar Ɗinkin Duniya game da sashe na 9 na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan Haƙƙin Jama'a da na Siyasa, wadda aka amince da ita a 1966.

Mai karatu zai iya mamaki: ashe ƙasa tana iya sa hannu a alƙawari, sannan ranar da abin ya yi mata nauyi ta ce ta ajiye shi? Tana iyawa, kuma yarjejeniyoyin ne da kansu suka buɗe mata ƙofar. Sashe na 15 na yarjejeniyar Turai da sashe na 4 na yarjejeniyar 1966 duk sun yarda cewa akwai lokacin da rayuwar al'umma gaba ɗaya take cikin haɗari, kamar yaƙi ko tawaye, kuma a irin wannan lokaci gwamnati na iya buƙatar ikon da ba ta da shi a ranakun zaman lafiya. Waɗanda suka rubuta sassan sun ga Yaƙin Duniya na Biyu da idonsu. Sun san cewa in aka toshe ƙofar gaba ɗaya, gwamnatoci za su haura katanga a ɓoye. Sai suka bar ta a buɗe, amma suka gindaya sharuɗɗa. Wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san tsarin: larura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna larura ne da gwargwadonta. Mai yunwar da aka yarda ya ci mushe zai ci abin da zai tsare ransa ne, ba abin da zai yi guzuri da shi ba. Rabin farko na wannan ƙa'ida kowace gwamnati ta haddace shi. Rabi na biyu shi ne inda shari'a take.

Yadda Birtaniya ta shiga tsaka mai wuya

Don a yi wa gwamnatin adalci, matsalar da ta fuskanta ta gaske ce. Tana da baƙin da hukumomin leƙen asirinta suka ce suna da haɗari. Hanya ta farko ita ce a gurfanar da su, amma gwamnati ta ce hujjojinta na asiri ne, kuma a lokacin kotunan Birtaniya ba sa karɓar maganganun da aka saurara ta waya a matsayin shaida. Hanya ta biyu ita ce a tasa ƙeyarsu zuwa ƙasashensu. Nan ma akwai shinge. A 1996, a shari'ar wani ɗan Sikh mai suna Chahal da Birtaniya ta so mayarwa Indiya, Kotun Turai da ke Strasbourg ta yanke cewa ba a mayar da mutum inda akwai haɗarin gaske za a azabtar da shi, komai munin abin da ake zarginsa da shi. Sashe na 5 kuwa ya yarda a tsare baƙo ne muddin ana kan aikin fitar da shi. In ta tabbata ba za a iya fitar da shi ba, dalilin tsarewar ya faɗi.

Saboda haka majalisar dokoki ta yi wata doka a Disambar 2001, wadda sashe na 23 nata ya ba da ikon ci gaba da tsare irin wannan baƙo ko da fitar da shi ba za ta yiwu ba. An ba wanda aka tsare damar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu ta musamman da ake kira SIAC. A can ana kasa hujjoji kashi biyu: na fili da shi da lauyansa za su gani, da na sirri da ba za su gani ba. Akan naɗa masa wani lauya na daban da gwamnati ta tantance, wanda zai ga hujjojin sirrin, amma da zarar ya gan su ba zai sake magana da wanda yake karewa ba sai da izini. Dokar ta kuma ce duk wanda ya yarda ya bar ƙasar da kansa, ƙofa a buɗe take. Mutum biyu sun yi haka: ɗaya ya tafi Maroko cikin 'yan kwanaki, ɗayan ya tafi Faransa a Maris 2002. Shi ya sa aka riƙa kiran tsarin kurkuku mai bango uku. Ga sauran, bango na huɗu shi ne tsoron abin da ke jiransu a gida. Wasu daga cikinsu sun shafe fiye da shekara uku a kulle, kuma rashin sanin ranar fita ya taɓa hankalin wasunsu har aka kai su Broadmoor, asibitin masu taɓin hankali mai tsaro.

Tambaya ta farko: da gaske akwai ta-ɓaci?

Ƙarar ta isa kotu mafi girma a Birtaniya a wancan zamani, wato alƙalan Majalisar Dattawa. Saboda nauyin lamarin alƙalai tara ne suka zauna maimakon biyar da aka saba, kuma suka yanke hukunci ranar 16 ga Disamba 2004.

Abin da suka fara dubawa shi ne ko ƙasar tana cikin halin da ke barazana ga rayuwar al'umma. Ma'aunin ba sabo ba ne. Tun 1961, a shari'ar Lawless da ƙasar Ireland, Kotun Turai ta ce dole lamarin ya zama rikici na musamman da ya shafi jama'a baki ɗaya, yake kuma barazana ga tsararriyar rayuwar al'umma. Daga baya aka ƙara cewa haɗarin ya zama yana faruwa ko yana dab da faruwa, kuma dokokin yau da kullum sun gaza. Lauyoyin waɗanda aka tsare sun kawo hujja mai ƙarfi: a lokacin ba a kai wa Birtaniya harin Alƙa'ida ko ɗaya ba, kuma a duk ƙasashen Majalisar Turai ita kaɗai ce ta jingine sashe na 5 bayan 11 ga Satumba. Sifaniya, wadda aka kai wa hari a jiragen ƙasa a Madrid cikin Maris 2004, ba ta yi haka ba.

Duk da haka takwas daga cikin alƙalan sun bar wa gwamnati wannan. Jagoransu, Lord Bingham, ya ce auna girman barazana hukunci ne na siyasa, kuma masu riƙe da bayanan asiri sun fi alƙali sanin abin da ke tafe. Lord Hoffmann ne kaɗai ya ƙi. A ganinsa 'yan ta'adda na iya kashe mutane da yawa, amma ba za su iya rushe Birtaniya a matsayin al'umma mai dokokinta da tsarin mulkinta ba, kuma dokoki irin wannan sun fi su zama barazana ga wannan tsari. Maganarsa ce aka fi yaɗawa a jaridu, amma ba ita ce ta zama doka ba.

Wannan abu ne da ya kamata a fahimta sosai, domin haka lamarin yake kusan ko'ina. Da wuya kotu ta ce wa gwamnati babu ta-ɓaci. Misalin da aka fi sani shi ne na Girka: sojoji sun yi juyin mulki a Afrilun 1967, suka ce 'yan gurguzu na shirin ƙwace ƙasa, ƙasashen Denmark da Norway da Sweden da Holan suka kai ƙara, kuma a 1969 Hukumar Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ba ta ga wannan haɗari ba. In ban da irin wannan, gwamnati ce ke cin wannan zagaye. Wanda ya ɗora duk fatansa a kan musanta cewa akwai matsalar tsaro, yawanci zai sha kaye, kuma sau da yawa matsalar tana nan da gaske.

Tambaya ta biyu, inda gwamnati ta faɗi

Samun ta-ɓaci bai wadatar ba. Yarjejeniyoyin biyu sun ce matakin da za a ɗauka ya tsaya daidai abin da halin ya tilasta, kada ya wuce. Nan ne alƙalai suka daina sunkuyar da kai, domin tambayar ta koma kan 'yancin mutum, wanda shi ne aikin kotu tun asali. Kuma ba su buƙaci ganin wani sirri ba kafin su gane inda dokar ta karkace. Maganar gwamnati suka ɗauka suka auna da aikinta.

Gwamnati ta ce haɗarin daga Alƙa'ida da magoya bayanta yake. Ta kuma amsa cewa cikin waɗannan magoya baya akwai 'yan asalin Birtaniya. Ba ta da yadda za ta musa: Richard Reid, wanda ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a takalminsa cikin jirgin sama a Disambar 2001, haifaffen Landan ne. To amma sashe na 23 bai taɓa ɗan ƙasa ba, baƙo kaɗai ya shafa. Sai alƙalai suka yi tambaya mai sauƙi: in kuna iya shawo kan haɗarin ɗan ƙasa ta hanyar sa ido da bibiya ba tare da kulle shi ba, me ya sa baƙo mai irin wannan haɗari sai an kulle shi? In akwai hanya mai sauƙi da ke aiki ga wani, to mai tsananin ba tilas ba ce.

Sai kuma batun ƙofar da aka bari a buɗe. In mutum yana da haɗarin da ya kai a tsare shi shekaru ba shari'a, ta yaya za a bar shi ya hau jirgi ya sauka a Faransa, inda zai iya ci gaba da duk abin da ake tsoro daga tsallaken ruwa? Dokar ta kama waɗanda ba su da inda za su, ta saki waɗanda suke da fasfon wata ƙasa mai aminci. Abin da ya raba wanda ke ciki da wanda ke waje ba girman haɗarinsa ba ne, takardunsa ne. Matsalar tsaro ce aka yi wa maganin shige da fice.

A kan haka alƙalai bakwai suka ce matakin ya wuce gona da iri, kuma ya nuna bambanci tsakanin baƙo da ɗan ƙasa ba bisa hujja ba. Da Lord Hoffmann suka zama takwas, Lord Walker kaɗai ya goyi bayan gwamnati. Aka soke umarnin jingine sashe na 5, aka kuma bayyana cewa sashe na 23 ya saɓa wa yarjejeniyar. Ba a saki mutanen a ranar ba, domin a tsarin Birtaniya kotu ba ta da ikon rushe dokar majalisa. Sai a Maris 2005 dokar ta ƙare, aka maye gurbinta da wani tsari na taƙaita zirga-zirga da mu'amala wanda ya shafi baƙo da ɗan ƙasa duka, gwamnati kuma ta janye sanarwarta. Wannan sabon tsari shi ma ya sha suka da ƙararraki. Wata huɗu bayan haka, ranar 7 ga Yuli 2005, aka kai harin bam a Landan da ya kashe mutum 52. Maharan huɗu duk a Birtaniya suka tashi, uku a can aka haife su. Harin ya nuna cewa haɗarin da gwamnati ta faɗa gaskiya ne, ya kuma nuna cewa dokar da ta yi ba ta kallon inda haɗarin yake.

A Fabrairun 2009 Kotun Turai ta tabbatar da hukuncin ta kowane gefe: akwai ta-ɓaci, amma matakin bai dace ba. Ta ƙara wani abu game da hujjojin sirri. Ta ce dole a faɗa wa wanda ake tsare da shi isasshen bayani da zai iya kare kansa. In aka ce masa ya je sansanin horo a wuri kaza tsakanin rana kaza da rana kaza, zai iya kawo shaidar cewa yana wani wuri a lokacin. In kuwa abin da aka faɗa masa bai wuce cewa yana da alaƙa da 'yan ta'adda ba, ba shi da abin da zai amsa. A kan wannan ta ce an tauye wa huɗu daga cikin masu ƙarar haƙƙinsu. Diyyar da ta bayar ba ta taka kara ta karya ba, mafi yawa bai kai Yuro 4,000 ba, domin ta yarda cewa gwamnati ta yi dokar ne da niyyar kare jama'a.

Kwana nawa, kuma a ina

Wasu shari'o'i sun nuna cewa wannan awo yakan sauko har kan ƙidayar kwanaki. A 1988 Kotun Turai ta ce tsare mutum kwana huɗu da awa shida a Ireland ta Arewa ba tare da kai shi gaban alƙali ba ya saɓa wa sashe na 5. Birtaniya ta mayar da martani da jingine sashen don ta ci gaba da tsarewa har kwana bakwai, kuma a 1993 kotun ta amince. Dalilinta shi ne akwai kariya: wanda aka kama yana iya ƙalubalantar tsarewar a kotu, yana ganin lauya bayan awa 48, ana sanar da danginsa, likita kuma yana duba shi.

A gwada wannan da abin da ya sami Zeki Aksoy a kudu maso gabashin Turkiyya. An kama shi a ƙarshen 1992 bisa zargin taimaka wa ƙungiyar PKK, aka riƙe shi aƙalla kwana 14 ba alƙali, ba lauya, ba dangi. An ɗaure hannuwansa ta baya aka rataye shi da su har suka shanye. Turkiyya ta riga ta sanar da ta-ɓaci a yankin, kuma kotun ta yarda cewa rikicin PKK ya kai wannan matsayi. Amma a 1996 ta ce kwana 14 ba tare da idon kowa ba ya yi yawa, kuma wannan keɓewar ce ta ba da damar azabtarwar. Aksoy bai ga hukuncin ba. An harbe shi a Afrilun 1994, mahaifinsa ne ya ci gaba da ƙarar. A shekarar da ta biyo bayan hukuncin, kotun ta ƙi yarda Turkiyya ta fake da wannan sanarwa a kan wasu tsofaffin 'yan majalisa da aka kama a Ankara, domin Ankara ba ta cikin lardunan da sanarwar ta ambata. Ta-ɓacin da aka ayyana a wani yanki ba ta bin jami'i duk inda ya sa ƙafa.

Shi ya sa sharaɗin ayyanawa a hukumance da sanar da sauran ƙasashe ba aikin takarda kawai ba ne. Sanarwar ce ke faɗin wane sashe aka jingine, saboda me, kuma a ina. Da ita ake kama gwamnati in ta zarce. Gwamnatin da ke aiki da ikon ta-ɓaci ba tare da ta ayyana ba, ba ta da abin fakewa: duk sassan yarjejeniyar suna kanta.

Abin da ba a taɓawa ko ana yaƙi

Azabtarwar da aka yi wa Aksoy kuwa ba ta ma shiga ma'auni ba, domin akwai haƙƙoƙin da ba a jingine su ko kaɗan. Yarjejeniyar 1966 ta lissafa su: ba a kashe mutum ba bisa ƙa'ida ba, ba a azabtar da shi, ba a bautar da shi, ba a ɗaure shi don ya kasa cika alƙawarin ciniki kamar biyan bashi, ba a hukunta shi da dokar da aka yi bayan ya aikata abin, ba a share matsayinsa na mutum a gaban shari'a, ba a kuma taɓa 'yancinsa na tunani da addini. Na ƙarshen yana buƙatar ɗan bayani. Abin da mutum ya yi imani da shi babu mai ikon taɓawa. Taruwa don ibada kuwa, yarjejeniyar ta yarda a taƙaita ta bisa doka in lafiyar jama'a ta tilasta, ko da babu ta-ɓaci. A nan ne rufe masallatai da coci-coci lokacin korona ya samu gurbi, kuma shi ma sai ya tsaya daidai buƙata.

A 2001 Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke sa ido kan yarjejeniyar, ya fitar da sharhinsa na 29, inda ya ce jerin bai tsaya nan ba. Tsare mutum a ɓoye ba tare da an amsa cewa yana hannu ba, da garkuwa da mutane, da hukunta jama'a a dunƙule saboda laifin wasu, duk haramun ne a kowane hali. Kotu ce kaɗai ke yanke wa mutum hukuncin laifi, kuma ba a hana wanda aka tsare zuwa gaban alƙali ya tambayi halaccin tsarewarsa. Hikimar a fili take, kuma labarin Aksoy ya nuna ta: haramcin azabtarwa ba shi da amfani ga wanda babu mai iya zuwa ya ga jikinsa. Ita ma kotun Birtaniya ta koma kan wannan a Disambar 2005, a ƙara ta biyu ta mutanen Belmarsh, ta ce ba a karɓar shaidar da aka samo ta hanyar azabtarwa, ko da jami'an wata ƙasa ne suka yi azabtarwar.

Inda abin ya shafe mu

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar 1966 a 1993, Nijar kuma a 1986, don haka sashe na 4 da duk sharuɗɗansa suna kansu. Amma a Afirka akwai ƙarin wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ba ta da sashen jinginewa sam. A 1995, a wata ƙara da aka kai ƙasar Chadi kan kashe-kashe da ɓatar da mutane, Hukumar Afirka ta ce ko yaƙin basasa ba ya zama uzurin karya yarjejeniyar. Nijeriya kuwa ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983, ana iya kafa hujja da ita a kotunan ƙasar. Gaskiya ne cewa sassanta da yawa sun yarda a taƙaita haƙƙi bisa doka, kuma gwamnatoci kan shiga ta nan. Amma Hukumar ta sha faɗin cewa taƙaitawar dole ta zama ta tilas, daidai da buƙata, kada kuma ta mayar da haƙƙin holoƙo.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma ya bi wannan layi. Sashe na 305 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci, kamar yadda aka yi a Filato a 2004 da kuma Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013. Amma ayyanawar tana faɗuwa in kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ba su amince ba cikin kwana biyu in suna zama, ko kwana goma in suna hutu, kuma wa'adinta wata shida ne sai in an sabunta. Sashe na 45 ya yarda dokar majalisa ta taɓa haƙƙin walwala a lokacin ta-ɓaci, gwargwadon abin da hankali zai karɓa don magance halin da ake ciki. Haƙƙin rai bai yarda a taɓa shi ba sai a mutuwar da ta auku sanadin yaƙi. Sashe na 34, wanda ya haramta azabtarwa, ba ya cikin waɗanda aka ba da izinin taɓawa, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce babu wani yanayi, ko yaƙi ko ta-ɓaci, da zai zama hujja.

Ina ganin babban kuskuren da muke yi idan aka ayyana dokar ta-ɓaci shi ne mu rabu gida biyu, masu cewa ta dace da masu cewa ba ta dace ba, mu ƙare muhawarar a nan. Wanda ya rasa ɗansa a hannun Boko Haram ba ya buƙatar a gamsar da shi cewa akwai haɗari, kuma yana da gaskiya. Mutanen Belmarsh ma ba su yi nasara ta hanyar musanta haɗarin ba. Sun yi nasara ne da aka tilasta wa gwamnati ta bayyana, mataki bayan mataki, abin da kowane iko yake magancewa da dalilin da ya sa mai sauƙinsa ba zai wadatar ba. Wannan aiki ne na 'yan majalisa ranar da aka kawo musu buƙatar ƙarin wata shida, na lauyoyi da alƙalai, na 'yan jarida kuma.

Saboda haka, mai karatu, in aka ayyana ta-ɓaci a jiharku ko yankinku, nemi takardar ayyanawar ka ga wuraren da ta ambata da ranar da za ta ƙare. In aka kama wani naka, haƙƙinku ne a faɗa muku inda yake, haƙƙinsa ne kuma a kai maganarsa gaban alƙali. Babu dokar ta-ɓacin da ta soke waɗannan biyun.